A yanke gefen hoton Baba ko a rufe shi?

Wanda ya gaji hoton mahaifinsa guda ɗaya tak, gefen ya yage, ruwa ya bar masa shati, almakashi hannunsa ke fara nema. Ban ga laifinsa ba, domin ido ba ya son ganin dauɗa kusa da fuskar wanda ake ƙauna. Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce. Ana iya yanke gefen, ana iya barinsa a rufe shi da kwali mai taga a cikin firam, ana kuma iya ɗaukar kwafi a yi duk gyaran a kansa. Akwai ta huɗu da mutanenmu na Akara, babban birnin Gana, suka fi saurin bi, wato laminetin, ita kuwa zan faɗi abin da ya sa nake roƙon kowa ya guje ta. Na daɗe ina sa wa mutane hotuna a firam, kuma ra'ayina a fili yake: a fara da kwafi, a bi da rufewa, yanka ya zo daga ƙarshe in har ya zama dole. Ga labarin 'yar ƙanwata, wadda ita ta yanke nata, don a ga abin da yankan ya ba ta da abin da ya kasa ba ta.

Tela ce a unguwar Mamobi ta Akara, hannunta bai san karkata ba. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, ba mai son hoto ba ne, sau ɗaya ya yarda ya tsaya gaban mai hoto, yana saurayi, da babbar riga da hula. Hoton baƙi da fari ne, girman katin wasiƙa, santimita 9 a faɗi, 14 a tsawo, da farin baki na milimita 5 kewaye da shi. Yana cikin ambulan a ƙasan akwatin mahaifiyarta lokacin da ruwan 3 ga Yuni 2015 ya shiga gidajen mutane a Akara. Ruwan kwata ya taɓa gefen hagu, aka shanya kaya, aka mayar da ambulan inda yake. Sai bayan rasuwarsa aka sake buɗe shi. Gefen hagun ya yi shati mai ruwan ƙasa wanda ya shiga milimita 12 a inda ya fi zurfi, bakin takardar ya yi laushi yana marmashewa, ga kuma yaga ta milimita 15 da ta nufi hannun riga.

Ta zo shagona da hoton a tsakanin shafukan littafin awonta, ta ce, "Kawu, rula kawai zan ara da sabuwar reza. Zan cire wannan dauɗar daga jikin Baba." Na ce ta juya bayansa tukuna. A can akwai hatimin ɗakin hoton, ya dushe, da lamba da aka rubuta da fensir, sai layi ɗaya na ajami da hannun marigayin. To gefen hagu na gaba shi ne gefen dama na baya, ajami kuma daga dama yake farawa. Milimita 12 ɗin da ta yi niyyar cirewa a kan kalmar farko ta rubutun mahaifinta za su faɗa. Ta daɗe tana kallon wurin ba ta ce komai ba. Daga baya ta auna da kanta, ta ga milimita 6 ne tsakanin bakin takarda da harafin farko, ta ce to za ta cire 4, iyakar inda takardar ta ruɓe. Ta kira gwaggonta a waya, tsohuwar ta ce, "'Yata, ki yanke abin da ya ruɓe, amma kada ki jefar, na ɗan'uwana ne." Muka kai hoton aka ɗauki kwafinsa gaba da baya. Washegari ta shimfiɗa shi, ta ɗora rula, ta ja reza sau huɗu a hankali, siririn zare na takarda ya rabu, ta naɗe shi a farar takarda ta sa a ambulan.

Yankan ya fita sambal, amma da ta ɗaga rula sai ga shatin nan yana nan, milimita 8 na kallonta, yagar ma tana nan, ta rage 11. A daidai inda ruwa ya fi jiƙa hoton kuma wani ɗan ɓawo kamar ƙwayar shinkafa ya ɓalle daga fuskar takardar, duk da taka-tsantsan ɗinta. Abin da ya raba idonta da tabon a ƙarshe kwali ne, ba reza ba.

Kafin mutum ya zaɓi hanya, ya kamata ya san abin da ke hannunsa. Tsohon hoton baƙi da fari hawa uku ne. Akwai takarda a ƙasa, a kanta akwai wani farin shafi mai santsi, a sama kuma akwai jelatin, wani siririn ɓawo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, wanda a cikinsa ƙwayoyin azurfa suka zana fuskar. Irin wannan takarda masu hoton Akara suka yi aiki da ita shekara da shekaru, tun daga ɗakin hoto na Deo Gratias da aka buɗe a Jamestown a 1922 har zuwa Ever Young na James Barnor a shekarun 1950. Daga shekarun 1970 takarda mai rufin leda gaba da baya ta fara yaɗuwa. Shafa bayan hoton da ɗan yatsa ya isa a bambance su: ta da tana da kaushin takarda kuma fensir na kama ta, ta bayan tana da santsi. Bambancin yana da amfani, domin ta da tana shan ruwa har cikinta, jelatin ɗin ya kumbura, in ya bushe riƙonsa ga takardar ya yi rauni. Shi ya sa ɓawon nan ya ɓalle wa 'yar ƙanwata. Reza ta bi ta wurin da riƙo ya riga ya saki.

Tabon ma iri-iri ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa, don kusan duk wanda ya zo mini da niyyar yanka hujjarsa ɗaya ce: kada tabon ya ci gaba ya cinye fuskar. Shatin ruwa ba ya tafiya. Ruwa ne ya kwaso dauɗa ya ajiye ta a iyakar inda ya tsaya, kuma muddin hoton bai sake jiƙewa ba, a nan za ta zauna. Ana gane shi da layi mai duhu a bakin tabon, cikinsa kuma ya fi haske. Akwai kuma wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi da ke fitowa a wurare masu duhu, musamman gefe-gefe, wanda ake gani in an karkata hoton ga haske. Wannan ba dauɗa ba ce, azurfar hoton ce ta taso sama saboda danshi da gurɓatacciyar iska, wanda ya goge ta kuwa hoton ya goge. Tabon da ke tafiya da gaske fumfuna ce, domin ita mai rai ce, jelatin take ci. Idan tana da rai za ka gan ta da laushi kamar gashi-gashi, tana wari, tana shafuwa in an taɓa. In ta bushe sai ta koma gari. Amma ko ita yanka ba ya maganinta, saboda irinta ya riga ya bazu ko'ina a jikin takardar da cikin iskar ɗakin. Danshi ke tashe ta, da zarar ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin 100, a bakin teku irin Akara kuwa damina na wuce haka ba wuya. Maganinta bushewa. A fitar da hoton inuwa mai iska, ba cikin rana ba, in ta bushe a rufe hanci a kaɗe ta da burushi mai laushi sosai, daga tsakiya zuwa gefe. Ban da ruwa, ban da tsumma mai laima.

Ita ma yaga ba ta ƙaruwa da kanta. Lanƙwasawa da yawan ɗauka da ajiyewa ke tsawaita ta. Hoton da ke kwance a kan kwali mai tauri yagarsa a tsaye take.

To me yanka ke bayarwa? Abu ɗaya nake iya ba shi shaida a kai: yana raba hoton da bakin da ya riga ya ruɓe, wanda ke zubar da gari, ko wanda wani abu mai danƙo ya liƙe masa. Kuma ba ya cin kuɗi, cikin minti kaɗan an gama. Abin da yake karɓa a madadin haka ya fi yawa. Farin bakin nan da ake rainawa shi ne garkuwar hoton, shi yatsa ke kamawa, shi ke fara karɓar laima da gogayya. In an cire shi, ɓarna ta gaba a kan hoton kansa za ta fara. Mu koma ga awon 'yar ƙanwata. Da ta cire milimita 12, faɗin zai koma santimita 7.8, farin bakin hagu ya tafi tare da milimita 7 na hoton, gefen babbar riga ya guntule, marigayin ya karkata gefe guda. Daga nan ido zai ce a rage dama don su daidaita, sannan sama da ƙasa. Na ga hotuna da yawa da aka yi wa irin wannan gyaran gangar Auzinawa har sai da kai da kafaɗa kawai suka rage. Sannan ga bayan hoton. Hatimi na faɗin garin da aka ɗauka, wani lokaci har da unguwa, lambar fensir kuma galibi ta fim ɗin da aka wanke hoton daga gare shi ce. A zangunanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar korar baƙi daga Gana ta gwamnatin Firayim Minista Busia a ƙarshen 1969 ta tarwatsa gidaje da yawa, takardu suka salwanta a hanya, don haka akwai dangin da bayan hoto ne kaɗai ke shaida musu inda kakansu yake zaune a wata shekara. Masana adana kayan tarihi ba sa yanke hoto ko kaɗan, kuma dalilinsu shi ne wanda kowace tela ta sani: kalmasa ana warware ta in an canza shawara, abin da almakashi ya ci kuwa ya tafi ke nan.

Rufewa da kwali ita ce kalmasar. Ana samun kwali biyu, ɗaya a baya wanda hoton zai kwanta a kansa, ɗaya a gaba da aka yanke masa taga. Girman tagar ke zaɓar abin da ido zai gani. A hoton nan na yanke taga mai faɗin santimita 7 da tsawon 12.6. Ta rufe milimita 9 a hagu, inda aka riga aka rage 4, da milimita 7 a sauran gefuna uku. Shatin ya ɓuya gaba ɗaya, yagar ta rage milimita 2 a waje, kuma da yake hoton a shimfiɗe yake, bakinta ya haɗu, sai wanda aka nuna wa ke ganinta. A lura da kyau: da ba ta yanke komai ba, taga ɗaya ce zan yanke, sai dai ta rufe 13 maimakon 9, abin da za a gani a firam kuma bai bambanta ko da gashi ɗaya ba. Ita da kanta ta faɗi haka da ta gani, ta ce, "Kawu, ashe da kwalin aka fara." Kwalin gaban yana da wani aiki na biyu da ya fi ɓoye tabo muhimmanci, wato yana ɗaga gilashi daga fuskar hoton. Hoton da ya jingina da gilashi a ƙasar danshi, wata rana jelatin ɗinsa zai yi laushi ya manne, ranar da aka zo cirewa fuskar ta bi gilashin.

Inda wannan hanya ke ɓaci shi ne wajen liƙawa. Yawancin masu firam salatif suke mannawa a bayan hoto, ko su shafa gam. Salatif in ya tsufa danƙonsa na shiga takarda ya bar tabo rawaya mai kama da na mai, wanda ke ratsowa har gaba. Abin da ya dace shi ne a naɗa ƙananan aljihu na kusurwa da farar takarda mai kyau, a liƙa aljihun a kan kwalin baya, a zura kusurwoyin hoton ciki. Gam na taɓa kwali, ba ya taɓa hoto. In kusurwa ɗaya ta ruɓe, sai a riƙe wannan ɓangaren da doguwar takarda da aka naɗe ta rungumi bakin. Shi ma kwalin a duba shi. Na katan da na arha suna da tsami a jikinsu, bayan shekaru sukan bar layi mai ruwan ƙasa daidai bakin taga. A nemi wanda ba shi da asid a wurin masu sayar da kayan zane. In bai samu ba, a sa takardar zane ta auduga tsakanin hoton da kwalin, gaba da baya. Iyakar wannan hanya kuma a bayyane take: tabon da ya kai fuska ko ƙirji, taga ba za ta ɓoye shi ba.

Nan ne kwafi ya fi su duka, kuma shi ya sa na ce da shi ake farawa ko wace hanya za a bi daga baya. A shagon da ke da sikana, a ce a ɗauka a `600 dpi`, da launi ko da hoton baƙi da fari ne, domin launin ke taimaka wa mai gyara ya raba tabo mai ruwan ƙasa da hoton da ke ƙarƙashinsa. A ɗauka har da bakinsa duka, yaga da shati da komai, a juya a ɗauki baya, a ajiye a `TIFF`, sannan a fitar da `JPEG` don rabawa. Hoto mai santimita 9 da 14 a wannan awo yana ba da ɗigo wajen 2,100 a faɗi da 3,300 a tsawo, wanda ya isa a wanke shi ninki biyu, santimita 18 da 28, ba tare da ya dushe ba. Kada a yarda a tura shi ta injin da ke jan takarda da kansa, sai dai a kwantar da shi a kan gilashi, kuma mai shi ya tsaya a wurin. In bakin na marmashewa sosai, gara a ɗauka da waya mai kyau a inuwa, ba filasha, wayar a miƙe daidai saman hoton. Wajen aika wa 'yan'uwa a Kumasi ko Kano ta WhatsApp, a tura shi a matsayin `Document`, in ba haka ba manhajar na matse shi ya rasa kaifi.

A kan kwafin, mutum ya yanke yadda ransa ke so, ya cike yaga, ya share shati, in bai yi ba ya koma ga na farko. Abin tsoro ɗaya ne, hannun mai gyara. Yaran da ke wannan aiki sun saba da hotunan biki, suna son fuska sumul. Sai a dawo maka da Baba ba tsagar gadonsa a kumatu, ba tabon sujada a goshi, aikin zaren wuyan riga ya narke. A gaya masa tun farko cewa gefe kawai zai taɓa, fuska a bar ta yadda take, kuma a kai wa wanda ya san marigayin da ƙuruciya ya duba kafin a wanke da yawa. Kwafi kuma, komai kyansa, ba shi ne takardar da marigayin ya riƙe da hannunsa ya yi rubutu a bayanta ba. Don haka ba ya maye gurbin na asali, yana dai ɗauke masa wahala: shi za a rataye, shi za a riƙa miƙawa hannu zuwa hannu ranar addu'a, shi kowane ɗa zai samu nasa.

Laminetin kuwa, kusan kowane shagon fotokwafi daga Nima har Fadama yana yi, kuma mutane na ganin kariya ce daga ruwa. Zafi da matsi ake sawa a narkar da danƙo a kan fuskar hoton. Ba ya ɓaruwa sai da jelatin ɗin. In akwai laima ko fumfuna a takardar an kulle su ciki, in kuma bakin ledar ya buɗe daga baya ruwa ya shiga, ba hanyar fita. A yi wa kwafi in ana so, ban da na asali.

Duk da haka akwai wanda zai ce shi fa sai ya yanke, kuma akwai lokacin da ba zan hana shi ba: in abin da za a cire farin baki ne kawai, ya ruɓe har ba ya riƙe kansa, ba rubutu ko hatimi a bayansa, an riga an ɗauki kwafi, kuma sauran 'ya'yan sun yarda, domin hoton uba ba na mutum ɗaya ba ne ko da a hannun mutum ɗaya yake. In sharuɗɗan nan sun cika, a ajiye almakashi, don yana lanƙwasa takarda yayin da yake ci, ɓawon jelatin ya tsattsage a bakin yankan. A yi yadda 'yar ƙanwata ta yi. Hoton ya bushe sarai, a kwantar da shi fuska sama a kan kwali mai tauri. A shimfiɗa farar takarda mai tsabta a kan fuskar, a ɗora rular ƙarfe a kanta, ta ɓangaren da za a bari, yadda in reza ta kuɓuce za ta faɗa kan abin da za a cire. Sabuwar reza, a ja ta sau uku ko huɗu ba dannawa, maimakon a danna sau ɗaya. A tsaya a cikin farin baki, ko da tabo zai rage. Abin da aka cire a sa shi a ambulan a rubuta da fensir daga inda ya fito. Yagar da ta saura kada a liƙe ta a gida. Masana na ɗinke ta ta baya da wata siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, amma aikin na bukatar hannun da ya saba, don laimar kunun na iya sa hoton ya tattare.

Inda za a ajiye na asalin shi zai yanke hukuncin ko duk wannan wahala ta yi amfani. Gidaje da yawa a zango ba sa rataye hoton mutum, kuma wannan ya yi wa hoton daidai, domin kwali biyun nan ba sai da firam ba. A haɗa su kamar littafi, a sa a ambulan na takarda, a ajiye a saman kabad na ɗakin ciki, ba ƙasan akwati ba, ba jikin bangon da ruwan sama ke duka ba. In za a sa shi a roba mai murfi saboda kyankyaso da gara, a rufe shi a lokacin hunturu da iska ta bushe, a jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. A buɗe a duba a watan Yuni da damina ta yi ƙarfi, a sake dubawa wajen Oktoba, a shinshina, a karkata shi ga haske a ga ko wani sabon ɗigo ya fito.